Idan Mushrif Ya Ce Ka Sa Hannu Alhali Lissafi Bai Cika Ba: Jagora Ga Ƙaramin Ma'aikaci A Saudiyya

Na daɗe ina aikin sito a Jiddah, a yankin Khumra da ke kudancin gari, inda manyan rumbunan kamfanoni suke jere. Yaranmu da ke samun aiki a irin wuraren nan kusan kullum daga ƙasa suke farawa. Su ne masu ƙidayar kaya, su ne masu riƙe da takardar karɓa, kuma idan an nemi wanda za a ɗora wa laifi, su ne mafi kusa da hannu. Saɓani da na gaba da kai iri-iri ne, amma wanda ya fi ci wa ƙaramin ma'aikaci tuwo a ƙwarya shi ne wannan: an ba ka umarni, kai kuma ka ga ba daidai ba ne, sannan sunanka ne zai zauna a jikin takarda. A kansa zan tsaya, kuma zan bi shi ta hanyar abin da ya faru da wani yaro ɗan maƙwabcina, wanda ya kira ni wata Laraba bayan la'asar muryarsa na rawa.

Watansa biyu da kama aiki a wani sito da ke kai kayan abinci otal-otal na Makka. Motar shinkafa ta iso. Fatura, wato takardar lissafin kayan, ta ce buhu 400 ne, mai kilo 10 kowanne, a kan katako takwas, kowane katako buhu 50. Shi da ya ƙirga sai ya samu katako bakwai cikakku, na takwas kuma buhu 26 ne a kai. Jimla 376, an rasa 24. Mushrif, wato mai kula da su, ya ce masa ya sa hannu a kan 400 ɗin, sauran za su zo gobe, ai sun saba da direban. Direba na tsaye yana duba agogo, masu sauke kaya su biyar suna kallo. Yaron ya ce, "Kawu, in na ƙi zai ce na raina shi, kuma har yanzu ina lokacin gwaji. In na sa hannu kuma ban san abin da zai biyo baya ba."

Mataki na farko: gane irin saɓanin da ke gabanka

Kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka ko wannan magana ta ra'ayi ce ko ta amana. Maganar ra'ayi ita ce wadda mushrif ya ce a jera kaya ta hagu kai kana ganin ta dama ta fi sauƙi, ko ya ce a fara da motar Makka kai kana ganin ta Ɗa'if ce ta fi gaggawa. A irin wannan, haƙƙinka shi ne ka faɗi abin da ka gani sau ɗaya, cikin ladabi, tare da dalilinka. In ya ce a yi yadda ya ce, ka yi, kuma ka yi shi da kyau. Kada ka yi aikin da rabin zuciya don ya lalace a gane kai ne mai gaskiya. Mutane suna lura da wannan fiye da yadda kake zato, kuma shi ne ke sa a daina sauraron mutum ko ranar da ya zo da magana mai nauyi.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2005 kuma aka yi ta yi mata gyare-gyare, ita kanta ta ja wannan layi. Sashe na 65 ya wajabta wa ma'aikaci bin umarnin mai aiki, matuƙar umarnin bai saɓa wa kwantiragi ko doka ko tarbiyyar jama'a ba, kuma bai jefa shi cikin haɗari ba. Sashe na 80 kuma ya sanya ƙin bin halastaccen umarni cikin abubuwan da za su iya kai ga kora ba tare da kuɗin sallama ba. To ka ga taurin kai a kan maganar ra'ayi ba jarumta ba ce, kai ne za ka kwana ciki. Amma wannan sashe na 80 ɗin dai ya ambaci aikata abin da ya taɓa gaskiya da riƙon amana. Sa hannu a kan buhu 400 alhali 376 ka gani yana cikin wannan ɓangaren. Ranar da aka zo ƙidayar sito, ba za a tambayi wa ya ce ba, za a duba wa ya sa hannu.

Na yi wa yaron lissafi a waya don ya ga girman abin. Buhun a wajensu riyal 70 ne, 24 sun kama riyal 1,680. Albashinsa riyal 2,000. Sashe na 91 ya bai wa mai aiki damar cire kuɗin asarar da ma'aikaci ya jawo daga albashinsa, ba fiye da ladan kwana biyar a wata ba. Kwana biyar a albashinsa kusan riyal 333 ne. Kenan zai yi wata biyar da ɗoriya ana yankar masa, ga kuma tabon da ba ya gogewa, na cewa kaya sun ɓata a hannunsa.

Mataki na biyu: sake ƙirgawa kafin ka ce uffan

Sabon ma'aikaci yana yin kuskure, kuma babu abin da ke karya shi kamar ya ɗaga murya sannan a gano shi ne bai iya lissafi ba. Ka sake ƙirgawa, wannan karon ta wata hanya daban. In da farko katako-katako ka bi, yanzu ka bi layi-layi. Ka leƙa cikin mota ko an bar wasu a lungu. Ka duba ko fatura biyu ce aka haɗa, ko akwai takardar da ta ce kayan kashi biyu za su zo. Ka kira ɗaya daga cikin masu sauke kaya ya ƙirga tare da kai, ba don ka tara wa mushrif shaidu ba, don kawai idanu huɗu sun fi biyu. Duk wannan minti goma ne. Kuma ka bar wa zuciyarka ƙofa cewa wataƙila akwai abin da shi ya sani kai ba ka sani ba, domin sau da yawa haka ne. Mai yiwuwa da gaske sauran buhunan za su zo gobe. Matsalarka ba niyyarsa ba ce, takardar ce.

Mataki na uku: wuri da lokaci

Nan ne yaranmu suka fi faɗawa rami, don haka zan daɗe a kai. A wurin aiki a ƙasar nan, ko mushrif ɗinka ɗan ƙasa ne, ko Bamisre, ko ɗan Sudan, ko ɗan Indiya, abu guda ya haɗa su: ba ya son a gyara masa magana a gaban waɗanda yake ba umarni. Mu ma a gida haka muke, ba baƙon abu ba ne. Mutumin da zai karɓi maganarka cikin sauƙi a ofis, shi ne zai kafe a kan kuskurensa a bakin mota, saboda a can ba shinkafa yake karewa ba, fuskarsa yake karewa. Da zarar ka ce "ba zan sa hannu ba" direba na ji, ka rufe masa hanyar ja da baya, kuma kai ne ƙarami, kai za a sadaukar.

Abin da za ka yi shi ne ka matsa kusa da shi, ka sassauta murya, ka ce, "Ustaz, lau samaht, minti ɗaya." In kun saba har kana kiransa da alkunyarsa, Abu wane, to ita ta fi taushi a kunnensa. Ku koma gefe, inda ba a jin ku. In abin ba na gaggawa ba ne, kada ka tare shi yana shigowa da safe, ko waya na kunnensa, ko yanzu mudir, wato manajan wurin, ya gama yi masa faɗa. Bayan sallar azahar, an fito masallaci zuciya ta ɗan kwanta, lokaci ne mai kyau. A watan azumi kuwa, da dokar ta mai da aikin Musulmi awa shida a rana, ka nemi farkon dawam, wato lokacin aiki, kada ka bari sai ƙarshensa da kowa ya galabaita.

Akwai kuma abin da nake roƙon 'yan'uwa su kiyaye. Kada ka juya ka yi wa wani Bahaushe magana da Hausa a gaban mushrif lokacin da ake cikin saɓani. Ko cewa ka yi "miƙo min biro", shi abin da zai ɗauka shi ne zaginsa kake yi. Kuma ka riƙe hannunka da jikinka. Nuna mutum da yatsa, buga tebur, ko ture shi ko da wasa, duk suna iya komawa rahoton cin zarafi, kuma kai wa shugabanka hari a wurin aiki yana cikin abubuwan da sashe na 80 ya ambata ƙarara.

Mataki na huɗu: abin da za ka faɗa

Maganar kashi uku ce, kuma jerinta na da muhimmanci. Ka fara da abin da ka gani, da lamba. Sannan ka yi tambaya. Sannan ka kawo mafita wadda ba za ta kunyata kowa ba. Ga abin da na ce wa yaron ya faɗa, da Larabcinsa na kasuwa yadda ya sawwaƙa:

"Ustaz, na ƙirga sau biyu, 376 na samu, fatura kuma ta ce 400. Ko akwai wata takarda da ban gani ba? In babu, ina ganin in rubuta 376 a kan takardar, direba ya sa hannu a gefe, gobe in sauran 24 sun zo in karɓe su da takardarsu. Ka ga ranar ƙidaya babu wanda zai tambaye mu."

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu "ka yi kuskure", babu "wannan haramun ne", babu "doka ta hana". Duk waɗannan suna iya zama gaskiya, amma suna mai da magana daga kan buhu zuwa kan halinsa, kuma ba ka da hujja a kan halinsa, a kan buhu kaɗai kake da ita. Ka lura kuma da kalmar "mu" a ƙarshe. Ba dabara ba ce, gaskiya ce: in kaya suka ɓata, shi ma za a tambaye shi. Tambayar da ke tsakiya kuwa ita ce ƙofar da ka buɗe masa. Zai iya cewa, "A'a, na ɗauka sun cika, rubuta abin da ka gani," ya fita da mutuncinsa, kai ma ka fita da naka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, matuƙar ba a kan lambar ka durƙusa ba.

Bayan ka faɗa, ka yi shiru. Sabbin ma'aikata suna da ɗabi'ar ci gaba da zuba saboda tsoro, suna ba da haƙuri sau biyar, har su warware maganar da suka ɗaura da kansu. Ka bar shi ya yi tunani. Kuma ka kiyayi kalmomin da muke fakewa a bayansu. In ka ce "ɗayyib" ko "abshir" ko "mafi mushkila" don kawai a rabu lafiya, shi ya ji ka amince. Gobe in ka ƙi, ka zama mai magana biyu, kuma a nan gaskiya tana wajensa. Kawaicin da aka tarbiyyantar da mu a kai, na sunkuyar da kai a ce "to" ga babba ko ba a gamsu ba, a gida ana gane ma'anarsa. A sito ba a ganewa.

Mataki na biyar: idan ya kafe

Mushrif ɗin yaron ya kafe. Ya ce, "Sa hannu kawai, ni ne mas'ul." Wato shi zai ɗauki alhakin. Wannan jimla za ka ji ta sau da yawa, kuma wanda ya faɗe ta yakan faɗe ta da zuciya ɗaya, sai dai ba ta da nauyi a gaban mai binciken lissafi. Amsarta ba gardama ba ce. Hanya biyu gare ka, duka a cikin ladabi. Ta farko, ka sa hannu a kan abin da ka gani: ka rubuta a jikin takardar, kusa da sa hannunka, cewa an karɓi buhu 376 kacal, saura 24, da kwanan wata da lokaci. Ka ga ba ka ƙi aiki ba, ka karɓi kaya, motar ta tafi. Ta biyu, ka miƙa masa biro da hannu biyu ka ce, "Ustaz, tunda kai ka san maganar da kuka yi da su, sa hannunka ya fi nawa ƙarfi a nan." In ya sa, shi ke nan, ya ɗauki nauyin da ya ce zai ɗauka. In ya ja baya, shi da kansa ya ga abin da kake gudu, ba sai ka faɗa ba.

Rubutun nan ka yi shi da Larabci in kana iyawa, ko ka koyi jimlar tun yau ka ajiye. Sashe na 9 na dokar ya sa Larabci ne harshen takardun aiki, kuma in an rubuta abu da harshe biyu, na Larabcin ake bi. Wannan ma dalili ne da zai sa kada ka taɓa sa hannu a kan takardar da ba ka karanta ba. Cewa "bari in karanta tukuna" ba rashin kunya ba ne.

Yaron ya bi hanya ta farko. Mushrif ya ɓata rai, ya ce "khalas", ya juya. Direba ya sa hannu a gefe yana gunaguni.

Mataki na shida: ka bar sawu a rubuce, amma gajere

A ranar, kafin ka bar wurin aiki, ka aika masa saƙo ta hanyar da kuka saba aiki da ita, imel ko WhatsApp, shi kaɗai, ba a zauren ma'aikata ba. Layi uku sun isa: sallama, sannan "kamar yadda muka yi magana, na karɓi buhu 376 daga fatura mai lamba kaza, saura 24 da ake sa ran zuwansu gobe", sannan godiya. Kada ka sa ra'ayi, kada ka sa ƙorafi, kada ka sa mudir a cikin saƙon tun a karon farko, domin yin haka kamar ka kai ƙararsa ne tun bai yi maka komai ba. Saƙon nan ba makami ba ne. Amfaninsa shi ne bayan wata uku, lokacin da kowa ya manta, akwai abin da ya tuna.

Ka kuma ajiye ɗan littafi naka na kanka, kana rubuta kwanan wata, abin da aka ce, da waɗanda ke wurin. Amma ga gargaɗi mai nauyi. Kada ka ɗauki hoton mutum ko bidiyonsa a ɓoye, kuma kada ka hau TikTok ko wani zaure ka ba da labarin kamfani da sunan mushrif. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 a kan ɓata suna ko keta sirrin mutum ta waya. Na ga waɗanda gaskiya ke hannunsu suka zubar da ita ta wannan hanya, suka koma su ne ake tuhuma. Takardun kamfani ma ba naka ba ne da za ka tura wa abokai su gani.

Mataki na bakwai: tsallake shi zuwa sama

Ba kowane saɓani ne ya cancanci a kai gaba ba. Ni a ganina abu uku ne ke sa a tsallake mushrif: ya ci gaba da matsa maka ka rubuta abin da ba haka ba, ko umarninsa zai iya raunata wani, ko ya fara ramuwa a kanka ta hanyar yanke albashi, canza maka dawam don cutarwa, ko zagi. In ɗaya daga ciki ya faru, ka fara gaya masa. "Ustaz, ina ganin maganar nan ta fi ƙarfina, zan so mu je wajen mudir tare." Zai ji zafi, amma bai kai zafin ya ji daga sama cewa ka zagaye shi ba. A gaban mudir ko ofishin kula da ma'aikata, ka tsaya a kan kwanan wata da lamba da takarda. Kada ka kwaso tsofaffin laifuffukansa, kada ka ce "kowa ma ya sani", domin waɗanda kake nufi da kowa ba za su tsaya maka ba, su ma iƙamarsu suke karewa, kuma ban ga laifinsu ba.

In aka kawo maka takardar inzar, wato gargaɗi, ko ta yankan albashi, ga abin da ya kamata ka sani. Sashe na 71 ya ce ba a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi laifin a rubuce, an tambaye shi, an ji kariyarsa an rubuta, sai dai ƙaramin laifi da hukuncinsa bai wuce gargaɗi ko yankan kwana ɗaya ba, wanda za a iya yi masa tambayar da baki. Sashe na 70 ya hana tarar laifi ɗaya ta wuce ladan kwana biyar. Ƙin karɓar takardar ba ya soke ta, aika maka za a yi. Abin da ya fi shi ne ka karɓa, ka rubuta kusa da sa hannunka cewa ka karɓa ne kawai ba tare da amincewa da abin da ke ciki ba, ka nemi kwafi, sannan ka rubuta ƙorafinka cikin mako guda. Doka ta sa wa ƙorafi wa'adi, kuma mai jan ƙafa yakan iske ƙofa a rufe.

In cikin gida ya gagara, akwai sulhu a Ma'aikatar Kula da Ma'aikata da Ci Gaban Al'umma, wanda suke kira taswiya wuddiyya. Ana shigar da shi ta intanet, ana ba shi kwana 21 na aiki, in ba a daidaita ba sai a miƙa wa kotun ƙwadago, wadda ta fara aiki a 2018. Lambar ma'aikatar ita ce 19911. Tun kafin wani abu ya taso, ka shiga Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar, ka tabbata kwantiraginka yana nan, ka karanta albashi da sunan aikin da aka rubuta maka, domin da wannan za a yi maka hukunci, ba da alkawarin baki ba.

Inda jagorar nan ta tsaya

Dole in faɗi iyakar abin nan, don kada in yaudari kowa. Lokacin gwaji, wanda doka ta ce ba zai wuce kwana 180 ba, lokaci ne da za a iya sallamarka ba tare da dogon bayani ba. Saboda haka yaron nan, ko da ya yi komai daidai, yana iya rasa aikin. Na gaya masa haka a ranar, ban ɓoye masa ba. Abin da na ce shi ne rasa aiki da suna mai tsabta ya fi sauƙin farfaɗowa a kan rasa shi da tuhumar ɓatan kaya, musamman a garin da masu sito suka san juna. Gyaran da aka fara aiki da shi a watan Maris na 2021 ya bai wa baƙon ma'aikacin kamfani damar canza wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa ba sai kafili ya yarda ba, amma a shekararka ta farko hanyar a ƙuntace take.

Sannan duk sassan da na ambata na ma'aikatan kamfani ne. 'Yan'uwanmu mata da ke aikin gida, da direbobin gida, dokarsu daban ce, kuma ta Musaned, shafin intanet na masu aikin gida, ake bin harkokinsu. Wanda kuma yake aiki a wurin da ba shi ne a kan iƙamarsa ba, ko ba shi da takarda gaba ɗaya, kamar yadda muka san da yawa a Karantina da Sabil da Shari'a Mansur, ƙofar ma'aikatar gwamnatin ba tasa ba ce. Shi matakai huɗu na farko su ne duk jarinsa, tare da dattijon unguwa da mai wurin ke jin kunyarsa.

In da abokin aiki ne

Wannan ya fi sauƙi, sai dai yana da tarkonsa. Tsohon ma'aikaci da ya riga ka da shekara goma ba shugabanka ba ne a takarda, amma kunnen mushrif a hannunsa yake. In kuka saɓa a kan yadda ake aiki, ka tambaye shi dalilin da ya sa suke yin haka kafin ka kawo naka, domin sau da yawa akwai tsohuwar matsala da ta haifi tsarin. In kuskurensa ka gano, ka nuna masa shi kaɗai ya gyara da hannunsa. In aikinsa yake tura maka, ka ce, "Yaya, bari in gama wanda Ustaz ya ba ni, in kuma naka ya fi gaggawa mu tambaye shi wanne zan fara." Mafi yawa a nan maganar ke mutuwa. In Bahaushe ne ɗan'uwanka, kada ka kai maganar majalisar dare ko gidan suna. Jama'armu a nan kaɗan ce, magana kuwa zarar bunu ce, kafin Juma'a ta isa Makka ta dawo da ƙari.

Washegari

Abin da za ka yi da safe yana da nauyi kamar abin da ka faɗa jiya. Ka zo a kan lokaci, ka gaishe shi kamar kullum, kada ka ƙara kada ka rage. In an zuba gahawa ka karɓa. In ya ba ka wani aiki ka yi shi da hanzari, don ya gane takarda ɗaya ka ƙi, ba shi ka ƙi ba. In daga baya ta bayyana kai ne da gaskiya, kada ka tuna masa, ko da da murmushi. In kuma kai ne ka yi kuskure, ka je da ƙafarka ka ce, "Ustaz, na duba, ni ne ban gani daidai ba," jimla ɗaya, ba tare da kame-kame ba.

Buhunan yaron ba su zo ranar Alhamis ba. Sai Lahadi aka kawo 20, kamfanin da ya aiko kuma ya cire kuɗin 4 daga faturarsa, tunda takardar ta nuna tun ranar farko ba su iso ba. Mushrif bai ce masa komai ba a kai, kuma kusan mako biyu gaisuwarsa a taƙaice take. Yaron ya sake kirana yana tambaya ko ya je ya ba shi haƙuri. Na ce a'a, ka ci gaba da gaishe shi, ka ci gaba da ƙirga kaya sau biyu. Ranar da wata motar ta zo da katan-katan na man girki, mushrif ya tsaya daga nesa, ya ɗaga murya ya ce masa, "Ƙirga, ka rubuta abin da ka gani."